Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga manajan reshenmu kan barazanar da aka yi min a kanta ta uku

Assalamu alaikum Yallaɓai, barka da aiki, ya ƙoƙari.

Ni ce kashiyar da ke zama a kanta ta uku, wadda ke kusa da injin ƙirga kuɗin nan mai cin takarda. Na san ka gane ni. Wallahi ban so abin ya kai ga rubutu a fili ba, amma ranar Laraba na faɗa wa shugaban sashen kuɗi da baki, ranar Alhamis na rubuta rahoto na ajiye wa sakatariyarka, ranar Juma'a na tare ka a bakin ƙofa kana sauri za ka masallaci ka ce min "yi haƙuri ƙanwata, Alhaji ne, haka yake, baki ne kawai." Yau kwana uku kenan babu wanda ya sa hannu a takardata ko da don in san an karɓa. Shi ya sa na sake rubutawa a nan, ba zan kama sunan banki ba, ba zan kama sunan mutumin ba, kai ma ba zan kama naka ba, amma zan faɗi komai yadda ya faru don kar gobe a ce ban faɗa ba.

Ranar Laraba wajen ƙarfe goma sha biyu saura kwata, layi ya kai har bakin ƙofar nan mai gilashi, kashiya biyu kawai muke aiki saboda ta kanta ta ɗaya tana hutun haihuwa. Alhajin ya shigo da yaronsa riƙe da jakar bakko, bai bi layi ba, dama ba ya bi, kuma kowa a reshen nan ya san an saba masa da haka. Ya turo min takardar cire kuɗi, naira miliyan 1 da dubu 800. Na gaishe shi, na ce Alhaji ina kwana ya kasuwa, ya amsa da fara'arsa har da tsokanata wai yaushe za a ci shinkafar bikina. Na duba sa hannu ya yi daidai, na duba hoto shi ne, na duba abin da ke cikin asusun, kuɗi na nan har da ƙari. Na fara tuna masa cewa tun Janairun 2023 dokar Babban Banki ita ce mutum ɗaya naira dubu 500 yake cirewa a mako ba caji, abin da ya haura ana cire kashi 3 cikin ɗari, wato a kan miliyan 1 da dubu 300 ɗin da suka hau sama za a ɗauki naira dubu 39. Ya ɗan yi tsaki ya ce a cire, ya saba. To da na danna in fitar da kuɗin sai kwamfuta ta ƙi, ta nuno min `Post No Debit` a jikin asusun.

Kai ka san ma'anarsa, amma tunda wasu za su karanta bari in faɗa. PND kullewa ce ta ɓangare ɗaya, kuɗi na iya shiga amma ko kwabo ba ya fita, ba a kanta ba, ba a ATM ba, ba tiransifa ba. Kuma nan ne tushen rigimar gaba ɗaya, domin shi Alhaji duk makon nan alat na shigo masa, mutanen da ya ba kaya suna turo kuɗi yana gani a waya, a tunaninsa asusu lafiya lau. Ba shi da manhajar banki, katinsa ma ya ce ya manta inda ya ajiye, shi dai ya zo kanta a ƙirga masa ya sa a jaka. Babu ta yadda za a yi ya san an kulle sai ranar da ya miƙo hannu.

Ni kuma a kujerata ba ni da ikon sa PND, ba ni da ikon cirewa, dalilin ma ba ya fito min gaba ɗaya sai wani ɗan guntun rubutu. Na ce masa Alhaji ka ɗan ba ni minti biyu, na tashi na je wajen 'yar'uwarmu ta teburin kwastoma ta buɗe nata. Ashe matsalar suna ce. A BVN ɗinsa an rubuta sunan farko da irin rubutunmu na gida, sannan sunan mahaifi, a NIN kuma wanda ya yi masa rajista ya rubuta sunan da wani salon daban ya kuma liƙa sunan garinsu a ƙarshe, ranar haihuwa ma ba ta zo ɗaya ba, ɗaya 1 ga Janairu irin wadda ake sa wa duk wanda bai san ranarsa ba, ɗayar kuma wata daban. Tun Disambar 2023 Babban Banki ya ce a haɗa asusu da BVN da NIN, ya sa 1 ga Maris 2024 a matsayin ranar fara kulle waɗanda ba su cika ba, kuma tun daga nan hedikwata kan bi asusu lokaci zuwa lokaci tana tantancewa, wanda bayanansa suka saɓa a rufe. Nasa ya faɗa ciki a makon da ya wuce. An tura masa saƙon tes, ƙwarai, amma da Turanci, ga mutumin da wayarsa ma a hannun yaronsa take rabin yini.

Na dawo na yi masa bayani da Hausa a hankali, na rage murya don kar na bayansa su ji sirrinsa. Na ce kuɗinka na nan babu abin da ya taɓa su, gyaran suna ne, za ka cike fom a teburin can, a haɗa da takardar rantsuwa daga kotu, in gyaran a ɓangaren NIN ne sai an je ofishin katin ɗan ƙasa, sannan a tura hedikwata su buɗe. Ya ce yau za a gama? Na ce gaskiya Alhaji ba zan yi maka ƙarya ba, ba aikin yau ba ne. Ya ce gobe Alhamis kasuwar Maigatari, ya riga ya ɗauki shatar mota, mutanensa na can suna tara masa riɗi, kuma manomi ba ya jin yaren tiransifa, kuɗi a hannu kaya a mota. Yallaɓai ni 'yar ɗan kasuwa ce, na san abin da ake nufi da mutum ya yi alkawari ranar kasuwa ya kasa cikawa, ba asarar ranar kaɗai ba ce, sunansa ne ke zubewa a wajen dillalai. Don haka fushinsa ban ga laifinsa ba ko kaɗan. In da zagi ya tsaya da ban rubuta komai ba, zagi kam mun sha, ranar da netwok ya ɗauke har iyayenmu ake haɗawa mu ce Allah ya ba da haƙuri.

Sai ya ce a kira masa manaja. Na buga maka layin ciki sau biyu, sakatariya ta ce kana mitin da mutanen shiyya. Na kira jami'in da ke kula da asusunsa, wanda ke zuwa har shagonsa karɓar ajiya, wanda ya ci ragon sallarsa, ya ce yana waje wajen neman kwastoma, in lallaɓa shi kawai. Shugaban sashen kuɗi yana cikin ɗakin ajiya da mai riƙe da ɗayan makullin, ba sa iya fitowa su bar shi a buɗe. Wato a duk ginin nan mutumin da ba shi da ikon komai a kan lamarin shi aka bari ya tsaya gaban mai kuɗin.

Daga nan murya ta tashi. Ya ce ni na taɓa masa kuɗi, wai ya san irinmu, muna juya kuɗin mutane muna saro atamfa. Ya buga tafin hannunsa a gilashin kanta sau uku har hatimina ya faɗo ƙasa. Sannan ya sunkuyo daidai ramin da ake turo takarda, ya rage murya, ya kalli katin sunan da ke ƙirjina ya kira sunana cikakke, ya ce, kuma ina rubuta shi ne yadda ya faɗa: "Na san unguwarku, na san layinku, na san lokacin da kike tashi. In kuɗina bai fito yau ba, wallahi sai an kwashe ki a buhu, kuma ba abin da za a yi." Ya juya wajen yaronsa ya ce "kalle ta da kyau."

Yaron ya kalle ni da kyau kuwa. Dogo ne, da jar hula irin ta sanyi, da tabo a gefen gira.

Ƙarfe sha biyu da minti kamar goma ne lokacin, na san haka don na kalli agogon kwamfuta ina tunanin ko in danna maɓallin ƙararrawar da ke ƙarƙashin kanta. Ban danna ba, saboda an koya mana na fashi ne, in na danna 'yan mofol su shigo da bindiga cikin cunkoson mata da tsofaffi masu karɓar fansho, abin da zai biyo baya ni za a ɗora wa. Mai gadin ciki yana tsaye taku biyar daga wajen, ya ji bugun gilashi, abin da ya yi shi ne ya ce "Alhaji a yi haƙuri, a yi haƙuri" yana washe baki, don shi ma yana samun na goro in Alhaji zai fita. Wata baiwar Allah da ke bayansa a layi ce ma ta ce haba Alhaji, 'yar cikinka ce fa. Ya fita yana faɗa. Ni kuma na ci gaba da biyan mutane hannuna na rawa, har na ƙirga wa wani dattijo dubu 20 sau uku ban yarda da kaina ba, don ka san in aka tashi lissafi da yamma aka samu giɓi daga albashina za a cire, babu ruwan kowa da abin da ya faru da rana.

Yanzu ga dalilin da ya sa ban yarda da "baki ne kawai" ba. Shekarata huɗu a kanta, na iya bambance mai huce haushi da mai nufin wani abu. Mai huce haushi da ƙarfi yake yi don jama'a su ji, banki yake zagi gaba ɗaya, ya ce zai rufe asusu, zai kai mu gidan rediyo, Allah ya isa, in ya fita ya sha iska shi kenan, wani ma gobe ya dawo yana ba ka haƙuri. Wannan kuwa da ya zo kan barazanar sai ya yi ƙasa da murya, ya ware ni ni kaɗai da suna, ya ambaci wuri, ya ambaci lokaci, ya sa wa'adi, ya kuma nuna ni ga wani. Kuma bai tsaya a cikin banki ba. Daren Laraba wajen ƙarfe tara da rabi wata baƙuwar lamba ta kira wayata ta kaina, na ɗauka aka yi shiru ana numfashi, aka kashe, aka sake kira aka ce "kin ci kuɗin Alhaji ko" aka kashe. Ranar Alhamis da na tashi, wajen shida da kwata, yaron nan mai jar hula yana zaune a kan babur a tsallaken titi daidai inda nake tsayawa jiran adaidaita. Bai yi min magana ba. Ban tsaya ba ni ma, na koma ciki na kira yayana ya zo ya ɗauke ni.

Ina ya samu lambata? Wannan tambayar kai ya kamata ka yi, amma ina da zato. Lokacin da aka ɗora mana tagat na buɗe sababbin asusu, har mu 'yan kanta, an ce kowa ya riƙa ba kwastoma lambarsa don a saba, an kuma buga lambobinmu a wata takarda da masu fita kasuwa ke yawo da ita. Banki bai ba mu layin aiki ba, da layin da mahaifiyata ke kirana da shi nake wa banki talla.

Na san abin da ke ranka, kuma ba na cewa kai mugu ne. Alhaji babban kwastoma ne, lokacin kaka kuɗin da ke ratsa asusunsa na taimaka wa lissafin reshe, kai ma ana matsa maka daga sama. Ni kuwa ma'aikaciyar kwantiragi ce, wani kamfani ne ya kawo ni, in na cika surutu waya ɗaya za a buga a ce a canza ta. Na san wannan sarai kafin in fara rubutu. Amma ka tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da aka fasa rassan bankuna a Ibadan da Warri da Benin, mu nan muna shigowa ta ƙofar baya da kayan gida don kar a gane mu ma'aikatan banki ne. A lokacin kai da bakinka ka tara mu ka ce duk wanda aka yi wa barazana ya rubuto nan take. To ga shi na rubuto.

Abin da nake nema ba shi da yawa, kuma na farko ya fi komai gaggawa. A cire hoton kyamara na ranar Laraba daga sha ɗaya da rabi zuwa sha biyu da rabi, kyamarar da ke kallon kanta ta uku da ta bakin ƙofa, da kuma ta waje ta ranar Alhamis daga shida zuwa shida da rabi, a adana a wani wuri daban. Mai kula da na'urar ya gaya min tamu tana taka tsohon hoto da sabo in ta cika, ba ta wuce 'yan makonni, ta wajen ma ta fi saurin cika. Kuma kyamarar ba ta ɗaukar murya, za a ga bugun gilashi da sunkuyowa da nuna ni da ya yi, amma ba za a ji kalaman ba, shi ya sa ake buƙatar mai gadi da kashiyar kanta ta biyu su rubuta abin da suka ji tun yanzu, kowa da hannunsa, kafin a fara "ni ban ji sosai ba." Ni na riga na ɗauki hoton kiran da aka yi min da lokacinsu, takardar cire kuɗin da ya bari a kanta ma tana wajen shugaban sashe, ban yarda an yaga ba.

Sannan a sa wa rahotona hannu da kwanan wata a ba ni kwafi, a tura wa sashen tsaro na hedikwata da kamfanin da ya ɗauke ni. Maganar 'yan sanda kuma, ina so banki ne zai kai, da takardarsa, wani jami'i ya raka ni. In na je ni kaɗai ya zama rigimar wata yarinya da wani Alhaji, ka san inda za ta ƙare, a ce a je gida a sasanta. Barazana irin wannan laifi ce a kundin Final Kod, sashe na 396 da 397, kuma in ta kisa ce ko ta mummunan rauni hukuncin ya fi nauyi, yana iya kaiwa shekara bakwai. Ba wai burina a ɗaure shi ba ne, yana da iyali, ni dai a kira shi gaban hukuma ya sa hannu cewa ba shi ba ni, shi da yaransa, don ya san maganar ta fita daga tsakanina da shi.

Wani abin kuma da zai ba ka mamaki a ce ni ke roƙo, don Allah a gyara masa asusunsa da wuri. Kai ko jami'in asusunsa ku kira shi, ku zaunar da shi a ofis, ku juya masa kwamfuta ya ga kuɗinsa da idonsa, ku gaya masa da Hausa cewa hedikwata ce ta kulle saboda saɓanin suna, kashiya ba ta da maɓallin yin haka. A haɗa shi da wanda zai bi masa takardun har a gama, a ba shi lambar ƙorafi, a kuma faɗa masa haƙƙinsa cewa in banki ya wuce mako biyu bai warware ba yana iya kai kuka sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Muddin yana kwana yana tashi da tunanin ni na riƙe masa miliyan biyu, ko 'yan sanda goma aka ajiye a ƙofa ba su raka ni gida. Amma kar a yi irin abin da aka yi wa wata abokiyar aikinmu bara, da aka sa ta shiga ofis ta durƙusa ta ba wanda ya zage ta haƙuri don a rufe magana. Ni ba zan yi ba, na faɗa tun yanzu.

Kuma Yallaɓai a duba yadda muke yi da masu PND gaba ɗaya, don ba shi kaɗai ba ne, a makon nan kawai mutum huɗu na mayar. Jerin asusun da aka kulle yana zuwa reshe, me zai hana a raba wa jami'an asusu su kira mutanensu da baki kafin su zo su sha layin awa biyu? In kuma mutum ya riga ya iso kanta, ka'ida ta zama kashiya ta ce "ana son ganinka a ofis" kawai, wani mai muƙami ya yi bayanin a zaune, da ƙofa, ba a tsaye gaban mutum hamsin ba inda babban mutum zai ji an tozarta shi. Katin suna ma a bar sunan farko kaɗai ya isa.

Mahaifiyata ta ce in ajiye aikin, yayana ba zai iya barin shagonsa kullum ƙarfe shida ya zo ɗaukata ba. Ni ban shirya ajiyewa ba. Gobe Litinin in sha Allahu zan zo bakwai da rabi kamar kullum, amma ina roƙon a mayar da ni ɗakin ƙirga na baya ko wani reshen na ɗan lokaci har a gama da maganar nan, ba zan karɓi akwatin kuɗin kanta ta uku ba sai na ga sa hannu a rahotona. Zan zo da kwafi biyu, in sakatariya ta ce kana mitin zan zauna a bencin ƙofarka in jira.

Na gode, a huta lafiya.

Kashiyar kanta ta uku